Saba'in Cikin Ɗari na Mayo Barka

Shagon Angélique bai fi ɗakin ajiye buhuna girma ba, amma rabin masu neman aiki a Garwa ta nan suke bi. Kwamfuta ɗaya ce, sai injin hoton takardu, sai benci da aka jingina da bango. A kan wannan benci Malam Bilya ya zauna wata safiya ta watan Satumba, ledarsa ta takardu a kan cinya, ruwan sama na ɗiga daga gefen hularsa. Shekarunsa hamsin da ɗaya, bai taɓa rubuta takardar tarihin aikin nan da ake kira CV ba. Aikinsa na farko da baki aka ɗauke shi.

Wata sabuwar ƙungiya ce ta liƙa sanarwa tana neman mai sasanta manoma da makiyaya a yankin Tuboro, kwangilar shekara biyu. Bilya ya yi irin wannan aiki shekara takwas a ƙarƙashin wata ƙungiyar da ta riga ta naɗe tabarmarta. Tun da aka sallame su, shekara biyu ke nan, yana zaman rakiya a shagon atamfa na yayansa a babbar kasuwa, yana miƙo turmi idan an nuna, yana mayarwa idan an fasa. Ya san cewa a shekarunsa, in wannan ta wuce shi, babu wata. Yana son aikin nan ƙwarai, har ba ya iya faɗin yadda yake son sa a gaban matarsa.

Angélique mace ce mai saurin hannu da saurin baki. Ta karanta sanarwar, ta ɗora yatsa a kan layi na ƙarshe.

"Baba Bilya, ka ga nan? *Résultats chiffrés*. Suna son sakamako da alƙaluma. Faɗa nawa ka raba?"

"Ban ƙirga ba."

"To, kimanin nawa?"

"'Yata, wanda aka raba tun kafin ya tashi, ta yaya ake ƙirga shi?"

Ta dube shi ta saman tabarau. Mutane nawa ne suka zauna a bencin nan suka ce mata ta rubuta duk abin da ya yi kyau? Wani ya ce dubu biyar, in ta ɗaga gira ya ce to ta mayar dubu uku. Wannan kuwa ya zo da hannu biyu babu ko lamba ɗaya.

"Ba ku da rahoto? Kowace ƙungiya tana rubuta rahoton ƙarshe."

"Akwai," in ji Bilya. Bai buɗe ledar ba.

Akwai ɗin kuwa. Yana cikin ledar, mai bango shuɗi, da hatimi. A shafi na goma sha huɗu an rubuta cewa rikici tsakanin manoma da makiyaya a Mayo Barka da ƙauyuka uku na kewaye ya ragu da kashi saba'in cikin ɗari. Bilya ya san inda wannan lamba ta fito, domin daga bakinsa ta fito.

Ga yadda aka yi. Mayo Barka ƙauye ne a yankin Tuboro, na masu noman auduga, yawancinsu mutanen duwatsun Mokolo da suka sauko kudu neman ƙasa. Burtalin shanu ya ratsa ta gefen gonakinsu. Duk shekara, da ruwa ya ɗauke, garken Fulani suna gangarowa kudu, kuma suna isowa ne daidai lokacin da auduga ta fashe ba a gama cira ba. Saniya ba ta san kwanan wata ba. Aikin Bilya shi ne ya sa ta jira. Tun watan Oktoba zai tara jauro, wato mai gari, da dattawan manoma da wakilan makiyaya, su bi burtalin da ƙafa suna sake shafa fenti a ginshiƙan siminti da ke nuna iyaka. Sa'an nan ya hau babur ya tari garken tun suna nisan kwana biyu, ya zauna da arɗo, shugaban makiyayan, a kan tabarma, ya sha madara, ya roƙe shi ya tsayar da shanu a wani tafki kwana goma. Ya dawo ya matsa wa manoma su gama cira a cikin kwana goman nan. Ranar da aka yanke, a buɗe gonaki, shanu su ci kara su bar taki. In an yi ɓarna, mutum uku daga nan, uku daga can, su je su duba da idonsu kafin rana ta faɗi.

Babu wanda ya taɓa ƙirga rikicin da ake yi kafin zuwansa. Shi ma ba a ba shi littafin ƙirga ba. Babur aka ba shi da man fetur. Abin mamaki ma, ƙarar da ake kawowa ƙaruwa ta yi a shekarunsa, don mutane sun sami inda za su kai ta maimakon su ɗauki adda.

A shekara ta takwas Georges ya kira shi a waya. Georges shi ne mai haɗa rahoto a ofishin Garwa, yaron kirki mai yawan gaisuwa, wanda Tuboro sau biyu ya taɓa takawa. Ya ce masu ba da tallafi sun aiko da fom, akwai gurbi ɗaya da dole a cike kafin ƙarfe huɗu: rikici ya ragu da kashi nawa? Bilya ya ce bai sani ba. Georges ya ce, "Grand frère, babban yaya, taimake ni, in na bar shi babu komai ni za a ci wa mutunci. Kai ne a wurin, a ganinka fa?" Bilya yana tsaye a gindin wata tsamiya, babur na ruri, arɗo na jiransa. Kuma ya tashi ne a gidan da ba a sallamar mai roƙo hannu wofi. Ko ba ka da abin da aka nema, sai ka ba da wani abu. Ya ce, "To, rubuta saba'in." Hamsin ta yi masa kaɗan, tamanin ta yi masa kama da ƙarya. Wai saba'in ce mai kama da gaskiya.

Ni dai ban ga mugunta a cikin wannan ba, kuma abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Kunya ce kawai, irin wadda muke yabon mutum a kanta. Amma lambar ta hau takarda, takarda ta hau jirgi, kuma can inda ta sauka aka karanta ta yadda aka rubuta ta. Aka ce Mayo Barka ta warke, a kai tallafin inda ake ciwo. Wata huɗu bayan haka aka karɓi makullin babur daga hannun Bilya.

Kaka ta gaba babu wanda ya tari garke. Shanu suka iso da kwana tara kafin a gama cira, kuma arɗon da Bilya ya sani ya rasu, ɗansa ne ke jan ragama. Maurice, shugaban manoman ƙauyen, wanda Bilya ke sauka a gidansa shekara takwas, ya fita da sanda ya tsaya a bakin gonarsa. Aka yi musayar magana, sa'an nan aka yi abin da ya fi magana. Maurice ya mutu a hanyar asibiti, a kan babur, tsakanin mutum biyu. Washegari aka ƙone bukkokin makiyaya, wani tsoho ya mutu a ciki. Da yake yankin cike yake da masu tare hanya da masu satar mutane, sai aka rubuta abin a matsayin harin 'yan fashi, aka rufe. Bilya ya je gaisuwa, ya zauna kwana uku, bai gaya wa kowa maganar saba'in ba.

"Baba Bilya," in ji Angélique, "kana ji na? Na ce in babu lamba, sai mu rubuta abin da ke akwai. Amma sai ka ba ni labari, ba 'na yi aiki da gaskiya' ba. Kowa haka yake rubutawa, har ɓarayi."

Ta ja kujera, ta fara yi masa tambayoyi ɗaya bayan ɗaya. Yaya wurin yake kafin ya zo? Me yake yi da hannunsa, a wane wata? Da wa yake zama, da wane yare? Me ake yi yanzu da ba a yi a da? Wa zai iya tsayawa ya ce haka ne? Duk abin da ya faɗa sai ta tambaye shi, "Za ka iya rantsuwa a kan wannan?" In ya yi jim, ta goge.

Sun fi awa biyu. Abin da ya rage a ƙarshe bai cika shafi ba, da Faransanci mai sauƙi. Ya ce ya yi kaka takwas a ƙauyuka huɗu. Ya ce kafin zuwansa babu ranar buɗe gonaki da ɓangarorin biyu suka yarda da ita, shi ya kafa ta, kuma an kiyaye ta kaka bakwai cikin takwas. A ɗayar shanu sun shiga da wuri, aka biya ɓarna ba tare da an kira jandarma, 'yan sandan karkara, ba. Ya ce ya kafa 'yan duba ɓarna mutum shida. Ya ce yana sasanci da Fulatanci da Hausa da Faransanci da ɗan yaren Mafa na manoman. Sai layin da suka fi daɗewa a kansa: a cikin shekarun nan takwas, a iya saninsa, ba a kashe kowa a kan gona a ƙauyukan ba, kuma ba a ajiye ƙididdigar rikici ba, saboda haka ba zai iya ba da kaso ba.

"Wannan rabin na ƙarshe, cire shi za mu yi," in ji Angélique. "Ba ƙarya ba ne in ka yi shiru. Ba a tona wa kai asiri a CV."

"Sun nemi alƙaluma. Gara in gaya musu dalilin da ya sa babu."

Ta ɗaga kafaɗa ta bar shi. Da ta zo ɗaukar hoton takardar shaidar aikinsa, rahoton mai bango shuɗi ya zamo daga ledar. Ta buɗe, kuma idon mai buga takardu ba ya ɓata lokaci, nan da nan ya faɗa kan shafi na goma sha huɗu.

"Haba, Baba! Saba'in cikin ɗari, da hatimi! Ka bar ni ina ta tatsar ka tun safe? Wannan kaɗai ya isa ya ba ka aikin."

"Kar ki sa."

"Don me?"

"Ki tambaye ni abin da kike ta tambayata."

Ta rufe rahoton ta mayar masa cikin leda. Ta ce saura sunayen mutum uku da za a iya kira a tambaye su game da shi.

Ya ba da jauron Mayo Barka, ya ba da wani dattijon makiyaya mai waya. Na uku sai da ya je ya nemi izini. Véronique, matar Maurice, ta bar ƙauyen bayan rasuwar mijinta, ta dawo Garwa wurin 'yar'uwarta, tana soya ƙosai da safe a bakin titi kusa da tashar mota. Ya same ta tana kwashe na ƙarshe daga mai.

"Maman Jules, jam na?" ya gaishe ta da Fulatanci.

"Jam, Malam Bilya. Yau kai ne a gari?"

Ya gaya mata abin da ya kawo shi. Ta goge hannu a zani, ta karanta masa lambar wayarta a hankali, sau biyu.

"Su kira ni," ta ce. "Zan gaya musu lokacin da kake nan muna kwana da ido biyu rufe. Maurice kullum yana cewa da ba su ɗauke ka ba, da ba haka ba. Ni har yau ban gane ba, Malam. Wa ya ce musu mun daina buƙata?"

Bilya ya dubi kaskon mai. Ya ce abin ofis ne, sai Allah. Ta ƙulle masa ƙosai biyar a takarda, ta ƙi karɓar komai, kuma ya ɗauka ya tafi da su gida bai iya ci ba.

Bayan mako biyu aka kira shi ganawa. Ofishin wani gida ne mai katanga a unguwar ma'aikata, da mangwaro a tsakar gida. Yana zaune a baranda da wasu samari huɗu masu takalma masu sheƙi, sai ga Georges ya fito da fayil a hannu. Ya yi ƙiba kaɗan. Ashe a nan yake aiki yanzu, shi ne mai bin diddigin sakamako, kuma yana cikin masu ganawar. Ya rungume Bilya da murna ta gaske, ya ja shi gefen mangwaron.

"Grand frère, na ga dosiyenka, takardun da ka kawo. Me ya sa ba ka sa saba'in ɗin ba? Madam, shugabarmu, ta karanta tsohon rahotonmu, shi ya sa ma ta ce a kira ka, duk da ba ka da digiri. In ta tambaya, ka ce eh kawai. Ni zan mara maka baya. Aikin nan naka ne, wallahi."

"Georges, ka san yadda muka same ta."

"Na sani. Kowa haka yake yi. Ni ma tana cikin CV ɗina, da ita na shigo nan." Ya rage murya. "'Ya'yana uku, grand frère. Kar ka tayar da abin da ya kwanta."

A gaskiya a lokacin Bilya bai yanke komai ba. Ya ƙi rubuta lambar da hannunsa, wannan ya iya. Amma ya ce eh in an tambaye shi, kalma ɗaya, a kan abin da ke rubuce da hatimi tun shekara biyu? Ya tuna shagon atamfa da kujerar roba da yake wuni a kai. Ya shiga ɗakin yana jin zai iya cewa eh.

Madam Émilienne, shugabar shirin, mace ce siririya mai furfura a goshi, ba ta yawan murmushi. Da Faransanci aka yi maganar. Ta ɗaga takardarsa ta ce a cikin dosiye sittin da suka karɓa, nasa ne kaɗai ta karanta ta gane abin da mutum yake yi daga safe zuwa yamma. Ta tambaye shi yadda ake tsayar da garke, ya ba ta amsa har ta ajiye biro tana saurare. Ta tambaye shi kakar da abin ya ƙi, ya faɗa mata laifin wa, har da nasa na makara da kwana ɗaya. Bilya ya ga aikin a gabansa, kusa.

Sai ta juya ga taswirar da ke bango, inda aka kewaye wasu ƙauyuka da jan biro.

"Ga inda za mu yi aiki," ta ce. "Ƙauyuka shida, gabas da inda ka yi."

Bilya ya matso da ido. "Madam, ban ga Mayo Barka ba."

"Ba ta ciki. Kuɗinmu ba zai kai ko'ina ba, dole mu zaɓa. Rahoton ƙungiyarku ya nuna rikici ya ragu a can da saba'in cikin ɗari, saboda haka mun sa ta cikin wuraren da suka daidaita. Na ga an yi kisa a can bara waccan, amma a rubuce harin 'yan fashi ne." Ta buɗe rahoton mai bango shuɗi, irin nasa sak. "Abin da ban gane ba, Monsieur Bilya, kai ka rubuta cewa ba a ajiye ƙididdiga ba. To wannan kason daga ina ya fito?"

Georges ya gyara zama. "Madam, kiyasi ne na ma'aikatan fili, bisa ga..."

"Shi na tambaya."

Fankar sama tana juyawa. Bilya ya lissafa a ransa: yau ashirin da shida ga Satumba. Nan da mako bakwai shanu za su gangaro, auduga ta fashe, kuma ɗan fari na Maurice, Jules, ya koma ƙauye yana noma gonar ubansa, saurayi mai zafin kai da bai yafe wa kowa ba. In ya ce eh, za a ba shi babur ya tafi ƙauyuka shida na gabas, ya bi ta mahaɗar Mayo Barka kowane mako bai tsaya ba. Lambar ta kori masu taimako daga ƙauyen sau ɗaya, ga ta tana shirin yi na biyu, shi kuma yana zaune a gabanta da hula a kai. Tsoro ya kama shi, na talauci da na kunya.

"Daga bakina ta fito, Madam," ya ce. "Ba a auna komai ba. An tambaye ni a waya, ban sani ba, na ji kunyar in ce ban sani ba sau biyu, na faɗi lambar da ta zo mini. Rikici bai ragu a Mayo Barka ba. Riƙe shi ake yi, duk shekara, da hannu. Da aka saki ya dawo. Kuma kisan nan ba 'yan fashi ba ne. Shanu ne suka shiga auduga saura kwana tara a gama cira. Mutum biyu suka mutu, ɗaya a gidansa nake kwana."

"Wa ya tambaye ka a waya?"

"Ofis."

Ba ta dubi Georges ba, amma sunan wanda ya haɗa rahoton yana shafin farko. Ta rubuta wani abu mai tsawo. Ta yi masa wasu tambayoyi biyu game da ranaku da sunayen mamatan, ta gode masa, ta ce za a neme shi. A baranda samarin nan suka ɗago suna duban fuskarsa don su gane ko da wuya. Georges bai fito raka shi ba.

Kwana goma sha ɗaya ya yi yana jiran waya. Ranar da ta zo yana shagon atamfa, wata hajiya na sa shi sauko da turmi na shida. Madam Émilienne ce da kanta, ba sakatare ba, kuma daga wannan ya gane.

Ta ce ta kira mutanensa uku, dukansu sun faɗi abin da ya rubuta, har da ƙari. Ta ce ta aika an bincika, an mayar da Mayo Barka cikin shirin, an cire wani ƙauye. Sa'an nan ta ce ganawar a rubuce take, kuma masu ba su tallafi suna da ƙa'ida a kan duk wanda ya amsa cewa ya taɓa ba da alƙaluman ƙarya a rahoto. Ta kai maganar sama, an ce a'a. Wani saurayi aka ɗauka, mai digiri daga Ngaundere, yana jin Fulatanci. Shi ma Georges ba za a sabunta kwangilarsa ba.

"Ina neman izininka," ta ce, "in ba wa yaron takardarka. Ita kaɗai ce muke da ita da ta faɗi yadda ake aikin."

"Ki ba shi, Madam. Ki ce masa kar ya jira Nuwamba. Kuma ya fara gaida uwar sabon arɗo kafin ya gaida arɗon."

"Na rubuta. Ka yi haƙuri, Monsieur Bilya."

Ya ce ba komai, don haka ake cewa. Ya mayar da turamen shida kan kanta ɗaya bayan ɗaya, hajiyar ba ta sayi ko ɗaya ba. Ya yi tunanin 'ya'yan Georges uku, waɗanda ya taɓa saya wa alewa, ya yi tunanin yadda zai gaya wa matarsa. Kuma ya san akwai sauran mutum ɗaya da bai ba amsa ba.

Washegari da safe ya tafi tasha. Véronique na ganinsa ta fara murmushi.

"Madam ɗinku ta kira ni! Na gaya mata komai. Sun ba ka?"

"Ba su ba ni ba, Maman Jules. Amma za su aika mutum Mayo Barka kafin shanu."

"To me ya hana su ba ka? Wa ya fi ka sanin wurin?"

Ya tsaya a gefen murhu, hayaƙi na shiga masa ido, ya gaya mata. Wayar Georges, gurbin da ba a cike ba, tsamiyar da yake tsaye a gindinta. Ya ce ranar ta tambaye shi wa ya ce musu sun daina buƙata, ya ce mata sai Allah; to shi ne ya ce. Bai ƙara komai don ya wanke kansa ba, bai kuma rage ba.

Ba ta yi kuka ba. Ta juya ƙosan da ke cikin mai, ɗaya bayan ɗaya, har ta gama. Wani direba ya zo ya saya, ta ƙulle masa, ya tafi.

"Nawa ka ce musu?" ta tambaya.

"Saba'in cikin ɗari."

"Saura talatin."

"Eh."

"Maurice a cikin talatin ɗin yake ke nan."

Bilya ya buɗe baki zai ce babu talatin, babu saba'in, duk babu su. Sai ya ga ba wannan ta tambaye shi ba, ya rufe.

Véronique ta tsame ƙosan ta zuba a kwando. Ta ɗauki takarda kamar za ta ƙulle masa, yadda ta saba, ta riƙe ta a hannu ɗan lokaci, sa'an nan ta mayar da ita ƙarƙashin dutsen da take danne takardun.

"Ka matsa daga nan, Malam Bilya," ta ce. "Kana tare mini masu saye."

Ya matsa. Ya tsallaka titi ya kama hanyar kasuwa da ƙafa, don yayansa ba ya son a buɗe shago a makare.